Taswirar da ba ta cin mega: na gwada ta daga Damagaram zuwa Kano

Wata shida ke nan ina aiki da manhajar taswira ta waya mai suna Organic Maps, kuma tafiyar da na yi Kano sayo kayan shago ce ta nuna mini amfaninta da iyakarta.

Kyauta ce, babu talla. Da daddare na sauke taswirar Nijar gaba ɗaya a waifai ɗin wani abokina da ke Birni, sau ɗaya tak. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne GPS ba ya buƙatar rezo: daga tauraron ɗan'adam waya ke sanin inda take, mega kuwa hoton hanya kawai take saukowa da shi. In hoton yana cikin waya, an gama. Da muka wuce Takeita muka karya kudu, rezo ya yi ta zuwa yana ɗaukewa, sai na rufe data ɗungurungum. Kibiyar ba ta tsaya ba, tana nuna Kance, tana nuna sauran kilomita nawa zuwa Matamaye. Sai dai in ka buɗe ta babu data, takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta gano ka. Kusa da taga ta fi saurin kamawa.

Sunayen garuruwa na buƙatar lura. Yawanci da rubutun Faransanci aka shigar da su, don haka rubuta Kantché, Matameye, Zinder. Ƙanena da ke gefena ya ce, "Yaya, garin babu shi a ciki." Yana nan, rubutun ne ya bambanta.

Kuskuren da ya dame ni nawa ne. Kowace ƙasa da taswirarta, ni kuwa ta Nijar kaɗai na sauke. Muna tsallaka iyaka a Ɗan Barto, tituna suka ɓace daga allon, aka bar kibiya cikin fili. Layina na gida a can tsada gare shi, sai da muka isa Daura wani mai shago ya jona ni da wayarsa na sauke ta Najeriya. Gwajin da nake yi yanzu kafin in fita mai sauƙi ne: in sa waya a yanayin jirgi, in nemi garin da za ni, in ce ta zana hanya. In ta zana har ƙarshe, komai ya sauka.

Bayananta daga OpenStreetMap suke, 'yan sa kai ke zana su. Kan kwalta na same ta daidai. Amma ba ta san kori ya kawo ruwa da damina ba, ba ta san shinge ko jiran kan iyaka ba, shi ya sa lokacin isowar da ta ba ni ya gaza da kusan awa biyu. Halin tsaron hanya kuma direbobin tasha nake tambaya.

Batir take ci in allo yana kunne, don haka a mota nake barin wayar a caji. Zan ci gaba da ita, kuma na riga na sa wa ƙanena.