Gwiwar jan ƙarfe mai zoben dalma da man liƙi mai kaifi: abin da na gani

Makonni shida ke nan da na ja wa hitar gidanmu bututun jan ƙarfe mai milimita 15. Na sayi gwiwoyi da soket na haɗa bututu, irin masu zoben dalmar liƙi a ciki, da gwangwanin man liƙi, wato fulos, mai kaifin nan da ake cewa yana wanke ƙarfe da kansa. Haɗi goma sha huɗu na yi, biyu suka yi yoyo.

Gwiwoyin sun burge ni. Bututu yana shiga ɗaram, kuma wannan matsewar ce ke yin aikin, domin siririn tsakanin da ya rage shi ke zuƙar dalma idan ta narke, ko da haɗin sama yake kallo. Na goge bakin bututu da cikin gwiwa da soson ƙarfe har suka yi ƙyalli, na shafa mai kaɗan, na sa wutar gas a jikin gwiwar ina zagayawa. Da farin zobe ya bayyana kewaye da baki sai in janye wuta, ba na taɓawa sai ya huce. Dalmar ta kuza ce da ɗan jan ƙarfe, ba gubar darma a ciki, ita ta dace da ruwan sha. Tana narkewa wajen digiri 227 a ma'aunin Celsius.

Yoyo na farko ruwa ne ya jawo shi. Ɗan ruwa ya kwanta a tsohon bututun da na haɗa da sabo, ina ta wuta yana ta shanye zafin. Na ji wata 'yar ƙara kamar ana tuya, na yi biris. Dalma ta fito rabin baki kawai, a dunƙule, ba sheƙi. Ƙara dalma a kai bai yi komai ba, sai da na raba haɗin, na tsiyaye ruwan tas, na sa sabuwar gwiwa.

Na biyun ya fi ba ni haushi, don gaggawata ce. Saboda tsoron abin da ya faru, na daɗe da wuta a kan wani soket har man ya ƙone ya yi baƙi, ƙarfen ya dafe. Da mai ya ƙone, dalma ba ta kama ƙarfe, sai dai ta gangaro ta ɗiga ƙasa.

Man kuwa, ina da ƙorafi a kansa. Yana sa dalma gudu, amma yana cin ƙarfe. Haɗi biyu na bayan hita da ban goge da jiƙaƙƙen tsumma ba, cikin mako guda suka yi kore shar. Wanda ya shige cikin bututu ma sai an saki ruwa sosai ya wanke shi. Gwiwoyin zan sake saye. Mai kuwa, a kan sabon bututun da na goge da hannuna, mara kaifi zan nema.