Gajeriyar kalma ko doguwar jimla: wacce za ta fito da shafin mai sola a Google?

"Assalamu alaikum. Wani mai shagon sola a wajen Ƙofar Ƙaura ya ba ni aikin rubuta maƙala don shafinsa, ya ce so yake ya riƙa fitowa a Google. Na duba `solar inverter` na ga dubban masu nema, `what size inverter can carry a deep freezer` kuwa ba su taka kara sun karya ba. A kan wacce zan gina rubutun?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki ɗauki doguwar. Amma bari in jera miki su biyun, don gobe idan aikin mai sayar da taki ko mai makaranta ya zo, ki iya yanke hukunci da kanki.

Fara da tambayar wane ne ke bugawa. Mai buga gajeriyar ba ki san abin da ke ransa ba: ɗalibi ne mai aikin makaranta, ko mai duba farashi daga Legas, ko wanda hoto kawai yake son gani. Mai buga doguwar ya riga ya faɗa miki damuwarsa. Yana da firiza, wuta ba ta zama, kuma yana shirin kashe kuɗi amma yana tsoron ya sayi inbatar da ba za ta ɗauka ba. A garin nan kin san su: matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da masu shagon lemo, musamman daga Maris zuwa Mayu da kuma lokacin azumi. Waɗannan su ne kwastomomin mai shagon.

Sai ki duba wa ke zaune a shafin farko, kuma wannan ne matakin da na fi so ki ba lokaci, domin kyauta ne kuma ya fi kowace manhaja faɗin gaskiya. Buɗe burauza a `Incognito`, wato tagar da ba ta amfani da tarihin bincikenki na baya, ki buga gajeriyar. Galibi za ki tarar da tallace-tallace a sama, sai manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Jiji, sai kamfanonin da ke ƙera kayan. Abu biyu wannan ya nuna miki. Na ɗaya, shafukan sun daɗe, wasu shafuka masu yawa na nuni zuwa gare su, sabon shafi daga Katsina ba zai ture su da maƙala guda ba. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, Google ya fahimci mai buga wannan kalma jerin kaya da farashi yake so, shi ya sa bai sa maƙala a wurin ba. Ko rubutunki ya kai ina a kyau, ba irinsa ake nema ba. Kamar ki kai tuwo ne inda ake layin shayi.

Yanzu buga doguwar. Idan kika ga tsofaffin tattaunawa a Nairaland ko Quora, ko maƙalolin da suka yi maganar inbata gaba ɗaya ba su taɓa firiza ba, ko waɗanda aka rubuta don Amurka inda wutar gida bolt 120 ce alhali tamu 230 ce, to akwai gurbi. Ki buɗe uku na sama ki karanta, ki rubuta abin da suka bari ba su amsa ba. Don ƙarin tabbaci ki gwada wannan:

```
allintitle: inverter size deep freezer
```

Zai nuna shafukan da suka sa waɗannan kalmomi duka a takensu. Idan kaɗan ne, ba mutane da yawa suka nufi tambayar kai tsaye ba. Ƙiyasi ne kawai, kada ki jingina da shi shi kaɗai.

Game da lambobin da suka ruɗe ki. Idan daga Keyword Planner, manhajar Google ta masu talla da ke nuna yawan masu neman kalma, kika samo su, ki fara tabbatar da cewa wurin da aka saita Najeriya ne, ba duniya duka ba. Ga wanda ba ya kashe kuɗin talla, ba ya ba da ainihin adadi, zango yake bayarwa, kamar `10 – 100` ko `1K – 10K`. Sannan layin `Competition` gasar masu biyan talla yake aunawa, ba wahalar hawa shafin farko ba, don haka ganin `Low` ba ya nufin hanya a buɗe take. Mu ƙaddara gajeriyar na da masu nema 5,000 a wata, kika tsaya a matsayi na 40, wato shafi na huɗu. Kusan babu mai zuwa can. Mu ƙaddara doguwar na da 70 kika zo ta uku. Ko mutum goma suka shigo, goma ne masu firiza. Ga kuma wani abu: maƙalar da ta amsa tambaya da kyau takan fito a wasu tambayoyi masu kama da ita da manhajar ba ta ƙirga ba. Google da kansa ya ce kashi 15 cikin ɗari na binciken kowace rana bai taɓa ganin irinsa ba.

Wajen rubutu ma sun bambanta. Gajeriyar ba ta gaya miki inda za ki fara ko inda za ki tsaya ba. Doguwar ta ba ki tsari. Sa jimlar, ko mai kama da ita, a take da sakin layi na farko, ki ba da amsa nan take. Ki tambayi mai shagon abin da yake duba wa kwastoma: wat nawa aka rubuta a takardar da ke bayan firiza, da yadda kwamfuresa ke jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, wanda shi ne dalilin da ƙaramar inbata ke yankewa ko da lissafin wat ya nuna ta isa. Ƙananan kanun ki ɗebo su daga `People also ask`, wato jerin tambayoyin da Google ke nunawa a cikin sakamakon bincike, da abin da Google ke cike miki yayin bugawa, irin su batir nawa ake bukata da awa nawa zai kai cikin dare. Maimaita jimlar sau ashirin ba ya ƙara komai, yana ma iya jawo wa shafin koma baya.

Ina gajeriyar ke da amfani? A shafin kayan shagon, inda hoto da farashi suke. Daga maƙalarki ki sa mahaɗi zuwa can. Haka idan burin mai shagon shi ne `solar installer in Katsina`, wannan taswira ce ke fitowa a sama, kuma aikin Google Business Profile ne, da adireshi da lambar waya da ra'ayoyin kwastomomi. Ki faɗa masa tun yanzu, kada ya ɗora wa maƙalarki nauyin da ba nata ba.

Kada ki yi masa alƙawarin matsayi na ɗaya, babu mai iko da wannan. Abin da za ki nema shi ne ya haɗa shafin da Search Console, manhajar Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, kafin a wallafa. Bayan wata biyu zuwa uku ki shiga `Performance`, ki tace da adireshin maƙalar, ki duba `Queries`. Idan `Impressions`, wato sau nawa maƙalar ta bayyana a bincike, na hawa amma `Clicks`, wato masu dannawa su shigo, babu, ki duba matsayi: in kina shafin farko, taken ne bai ja hankali ba, ki gyara shi. In kina tsakanin 11 da 20, ki ƙara amsar tambayoyin da kika gani a jerin. In babu komai ko kaɗan, ki liƙa adireshin a `URL Inspection` ki ga ko Google ya ma shigar da shafin cikin kundinsa.