Bakteriya ko funfuna: wa ke ruɓar da tulin takinka?

"'Yan uwa, tulin taki biyu na haɗa a gonata a Dadin Kowa. Na kashin kaji da ganyen kayan lambu ya ɗau zafi har hannu ba ya shiga. Na karan masara da ɓuntun shinkafa kuwa wata biyu ke nan sanyi ƙalau, sai wani farin zare kamar yanar gizo-gizo. Ya lalace ne, in ƙone shi?"

Malam, kada ka kusanto da ashana. Duka biyun aiki ake yi a cikinsu, ma'aikatan ne suka bambanta.

Tulin farko na bakteriya ne, ƙananan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Su masu son abinci mai laushi ne: ɗanyen ganye, kashin dabbobi, ragowar tuwo. Suna hayayyafa da sauri, kuma zafin da ka ji daga numfashinsu yake fitowa. Suna cin kabon ɗin da ke cikin ganyen, wani sashe su gina jikinsu da shi, sauran ya fice a matsayin iskar kabon dayokzaid. Shi ya sa tuli ke zaunawa har ya koma kusan rabinsa. Cikin kwana uku zuwa biyar tsakiyarsa kan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa. Rauninsu kuwa ƙishi ne. A cikin 'yar lemar da ke jikin ganye suke rayuwa, da iskar hunturu ta busar da tulin sai aiki ya tsaya cak.

Farin zaren tuli na biyu kuwa funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma dangin laimar kwaɗi. Kara da ɓuntu suna ɗauke da wani sinadari mai tauri, liginin, wanda ke ba itace ƙarfinsa, kuma yawancin bakteriya ba sa iya fasa shi. Funfuna ce ke cusa zarenta cikin karan, ta zuba ruwan da ke narkar da shi daga ciki. Tafiyar hawainiya take yi, ba ta ta da zafi, hasali ma yawancinta ba ta jure zafin da ya wuce digiri 55, sai ta koma gefen tuli ta jira ya huce. Amma ta fi bakteriya haƙurin ƙarancin ruwa. Ko gara, irin mai gina babban suri, funfuna take nomawa a ciki don ta narkar mata da karan da ta kwaso.

Abin da ya raba tulinka biyu shi ne naitirojin. Bakteriya sun fi sakewa in kabon ya ninka naitirojin kamar sau 30. A kashin kaji ninkin wajen sau 10 ne, a karan masara wajen 60, a ɓuntu ya ma fi haka. Wato a tulin farko naitirojin ya yi yawa, a na biyu ya yi kaɗan. Ka shinshina tulin farko: in warin fitsari ya hau maka hanci, naitirojin ɗinka ne ke gudu a iska a matsayin amoniya, asara ke nan. In kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga.

Da ni ne, haɗe su zan yi. Ka sassare karan kamar tsawon yatsa, ka zuba baro uku nasa, baro ɗaya na kashin kaji, hawa-hawa, kana yayyafa ruwa, har tulin ya kai kamar mita ɗaya tsawo da faɗi. Ka damƙi cikin hannu ka matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. Ka rufe da tsohuwar zana. Watan farko ka riƙa juyawa duk mako, domin bakteriya iska suke so. Da ka ga juyi ya daina ta da zafi, ka ajiye shebur. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ta juyi suna tsinke zaren funfuna daidai lokacin da aiki ya dawo hannunta. Ka bar mata wata ɗaya ko biyu, lema kawai za ka riƙa dubawa.

Akwai wani farin da ke ruɗar mutane: mai kama da toka a tsakiyar tuli mai zafi. Wannan galibi wasu bakteriya ne masu zare, kuma in ya yi yawa, alama ce tulin ya bushe, a ba shi ruwa.

Kada ka yi gaggawar kai tulin karan nan gona yadda yake. Ƙwayoyin za su ci gaba da cin karan a cikin ƙasa, su kwashe naitirojin ɗin da masara ke buƙata, ka ga ganyenta ya yi rawaya. Ka jira sai takin ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Ɓawon ɓuntu kam za ka ci gaba da ganinsa ko bayan nan, wannan ba komai.