Sharhi kan kayan gwajin daskarewa: tamomitan ne ya ɓata komai

Kayan nan na auna nauyin mol ta hanyar saukar ma'aunin daskarewa, waɗanda masu kayan dakin gwaji ke turawa makarantu a cikin kwali ɗaya, su na saya, kuma gaskiya raina ya ɓaci da su. A kwalin akwai bututun gwaji mai faɗi, marufin roba mai huda biyu, wayar motsawa, bika ta zuba ƙanƙara, tamomita mai batir, da ɗan littafin bayani. Gilasan ba laifi. Tamomitan ne matsalar, domin ba ya nuna abin da ya gaza digiri 0.1, alhali gwajin gaba ɗaya a kan ɗan bambancin zafi ya dogara.

Ga yadda abin yake. Idan aka narkar da wani abu a cikin ruwa, ruwan ba zai daskare a inda ya saba ba, sai ya ƙara sanyi kaɗan. Yawan saukar ya danganta ne da adadin ƙwayoyin da suka narke, ba da irinsu ba, shi ya sa ake iya juya lissafin a gano nauyin mol na abin da ba a sani ba:

```
M = (Kf × w × 1000) / (ΔT × W)
```

A nan w nauyin abin da aka narkar ne, W nauyin ruwan da aka narkar da shi a ciki, duka a giram, ΔT saukar da aka auna, Kf kuma adadi ne tsayayye da kowane ruwan narkarwa ke da nasa. Littafin ya ce a yi da ruwan sha tatacce, wanda Kf ɗinsa 1.86 ne kacal. To, a ɗauki gulukos giram 1.50 a ruwa giram 50.0. Nauyin mol ɗinsa 180 ne, don haka saukar da ya kamata a gani digiri 0.31 ce. Wannan tamomita ba shi da 0.31. Lambar ƙarshe tana ta rawa ne tsakanin 0.2 da 0.3 da 0.4 kana kallo. In ka rubuta 0.3, lissafi ya ba ka 186, ka ce madalla. In ka rubuta 0.4, ka sami kusan 140. In kuwa 0.2 ce ta tsaya a lokacin da ka ɗago ido, amsarka 279. Abu ɗaya, bututu ɗaya, amsa ta ninka. Ta yaya ɗalibi zai bambanta gulukos da wani sinadari da irin wannan awo? Tamomitan Beckmann na da, mai zaiba, yana karanta digiri 0.01, kuma don wannan aiki aka ƙera shi. Ban sa rai da shi a wannan kwali ba, amma wanda ya haɗa ruwa da tamomita mai 0.1 a littafi ɗaya bai taɓa zama ya yi lissafin ba.

Wani abin da zai tayar wa mai saye hankali, amma ba shi ne aibin ba: ruwa zalla ya daskare tamomitan na nuna 0.4 maimakon sifili. Wannan ba ya cutar da komai, tunda bambanci ake nema. A auna ruwa zalla da gaurayen da tamomita ɗaya, kuskuren ya share kansa. Mai sayarwa ya yi ta ba ni haƙuri a kan wannan 0.4, ainihin kukan nawa kuwa bai ma gane shi ba.

Littafin ya kuma ce a haɗa ƙanƙara kashi uku da gishiri kashi ɗaya a tsoma bututun kai tsaye. Wannan haɗi yana iya sauka har kusan digiri 20 ƙasa da sifili, sanyin ya yi yawa ƙwarai. Ruwan sai ya zarce ma'aunin daskarewarsa da digiri biyu ko uku yana nan ruwa, sannan farat ɗaya ƙanƙara ta cika bututun, zafin ya yi tsalle sama. Ƙanƙarar da ta fita ruwa ne zalla, saboda haka ragowar gaurayen ya ƙara kauri, saukar da za ka karanta ta fi ta gaskiya, nauyin mol ya fito ƙasa da yadda yake. Digiri uku zuwa biyar ƙasa da inda ake sa ran daskarewa sun wadatar, kuma a zura bututun cikin wani da ya fi shi faɗi don iskar da ke tsakani ta rage saurin sanyin. Wannan bututu na waje babu shi a kwalin.

Sai dai in an ajiye littafin an sauya ruwan narkarwa, kayan suna aiki, kuma a nan na yi mamaki. Sayiklohekzen yana daskarewa a wajen digiri 6.5, Kf ɗinsa kuma kusan 20.2, ya ninka na ruwa fiye da sau goma. Ba ya ma buƙatar gishiri, ƙanƙara da ruwa sun isa. Naftalin giram 0.200 a sayiklohekzen giram 10.0 ya kamata ya ba da saukar digiri 3.15. Tamomitan ya nuna saukar 3.1, wato nauyin mol 130. Ko da 3.2 ya nuna, 126 za a samu, ainihin kuwa 128. Rawar lamba ɗaya da ta rikita gulukos a nan kashi uku cikin ɗari kawai take ci. Ana rubuta zafin duk bayan daƙiƙa 30 ana motsawa a hankali. Na sayiklohekzen zalla zai tsaya cak a lamba ɗaya yayin daskarewa, na gauraye kuwa ba ya tsayawa, yana ci gaba da gangarawa a hankali. Don haka a zana sakamakon a takardar giraf, a ja layin gangarawar nan baya har ya haɗu da layin sanyin farko, mahaɗarsu ita ce ma'aunin daskarewa. Da wannan sakamako na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma marufin ya dawo da ni inda na fito. Hudar wayar motsawa ta yi faɗi, har ana jin ƙamshin sayiklohekzen a kan tebur, kuma a zafin garin nan yana tashi da sauri. Kana narkarwa kana sake daskarwa don tabbatar da awo, ruwan yana raguwa, saukar tana ƙaruwa, amsar tana ja ƙasa kaɗan-kaɗan daga 130. Duk wanda ya ga amsarsa tana raguwa daga awo zuwa awo, ya duba marufi tukuna. Abu ne kuma mai kama wuta, bai kamata tururinsa ya yi ta yawo a ɗakin da ake kunna murhun gas ba. Zoben wayar ma ya matse, yana gogar tsinin tamomitan, sai an buɗa shi da filaya.

Littafin bai faɗi cewa giram 0.200 na buƙatar sikeli mai karanta 0.001 ba. Da mai 0.01, kuskuren awon nauyi kaɗai zai iya kai kashi biyar cikin ɗari. Bai kuma yi gargaɗi a kan abin da za a ba ɗalibai a matsayin wanda ba a sani ba. Gishirin miya a ruwa yana rabuwa biyu, amsar ta fito wajen rabin 58.5. Asid ɗin benzoyik a irin su sayiklohekzen kuwa ƙwayoyinsa haɗuwa suke bibbiyu, sai amsar ta doshi 244 maimakon 122, malami ya zaci ɗalibi ne ya yi kuskure.

Wanda yake da sikeli mai kyau, yana iya samun sayiklohekzen, kuma zai sauya marufi ya nemo bututun waje, zai mori kayan. Wanda zai bi littafin ya yi da ruwa, ya fara sayen tamomita mai karanta 0.01, shi kuma kuɗinsa daban ne, ba ya cikin abin da aka caje ni.