Gwajin Bayan Gida ko Kolonoskofi: Wanne Za Ka Biya Don Binciken Dajin Babban Hanji?

Dajin babban hanji da dubura yawanci yana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, kamar ƙwayar wake, wanda ba ya ciwo kuma ba ya hana mutum cin tuwo. Tsiron kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama daji. A wannan tazarar ake so a kama shi, tun mutum yana jin kansa garau. Hanyoyi uku ne za ka fi cin karo da su idan ka je tambaya a Sakkwato, kuma ba kowa ne kowacce ta dace da shi ba.

Biyu daga ciki na neman ɓoyayyen jini ne a bayan gida, wanda ido ba ya gani. Tsohon gwajin, wanda ake rubutawa `gFOBT` ko `FOBT` a takardar dakin gwaji, yana da sauƙin kuɗi amma yana da saurin ruɗewa. Bai san bambancin jinin mutum da na dabba ba, don haka wanda ya ci tsire ko balangu daren jiya zai iya samun sakamakon da zai tayar masa da hankali a banza. Dole a bar jan nama kwana 3 kafin gwajin, a bar ƙwayoyin bitamin C domin suna ɓoye jinin da ke akwai, sannan a ɗebi bayan gida na lokuta uku daban-daban. Sabon, wato `FIT`, jinin ɗan Adam kaɗai yake ganewa. Ba a hana ka cin komai, kuma ɗiba ɗaya ta isa. Idan duka biyun suna nan, `FIT` muke ba da shawara ko da ya ɗan fi tsada. Ka tambayi ma'aikacin dakin gwajin wanne suke yi, domin sau da yawa sunan da ke kan takarda bai nuna ba.

Ga yadda ake yin `FIT`. Za a ba ka ƙaramar kwalba mai ɗan tsinke a jikin murfinta. Ka yi bayan gida a kan takarda ko cikin busasshen fo mai tsabta, kada fitsari ko ruwan buta ya taɓa shi. Ka goga bakin tsinken a wurare daban-daban har tsagoginsa su rufe, ka mayar cikin kwalbar ka murɗa. Ɗan kaɗan ake so, cika kwalba yana ɓata gwajin. Mace ta jira sai kwana 3 bayan ta yi tsarki daga al'ada. Sai kuma abin da ya shafe mu musamman: zafi yana lalata sinadarin jinin da gwajin ke nema. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalbar da ta wuni a aljihu ko cikin mota tana iya nuna babu jini alhali akwai. Ka ɗiba da safe, ka kai ranar, musamman in daga Illela ko Tambuwal za ka taso.

Gwaji ɗaya na `FIT` yana kama kimanin uku cikin huɗu na dajin da ya riga ya samu, amma yana tsallake yawancin tsiro, saboda tsiro ba kullum yake zubar da jini ba. Shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara. Wanda ya yi sau ɗaya ya ajiye takarda a ƙasan akwati bai sayi kariya mai yawa ba. Idan kuma sakamako ya nuna jini, ba yana nufin daji ba ne. Basur, atuni da tsutsar ciki duk suna jawo haka, kuma mafi yawan masu irin wannan sakamakon ba su da daji. Amma mataki na gaba kolonoskofi ne, wato duba cikin hanji da kyamara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake gwajin bayan mako biyu, ya fito babu jini, a ce alhamdu lillahi an warke. Daji yana zubar da jini yau ya tsaya gobe, saboda haka gwaji na biyu bai goge na farko ba. Tun kafin ka biya kuɗin `FIT`, ka tambayi kuɗin kolonoskofi da inda ake yin sa.

Kolonoskofi shi ne a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a duba babban hanji daga farko har ƙarshe, bayan an yi wa mutum allurar da za ta kwantar da shi. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sai a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake neman masu yin sa. Fifikonsa shi ne idan likita ya ga tsiro zai iya cire shi nan take, kuma in an tarar da hanji lafiya sai bayan shekara 10. Yana da ɗan haɗarin zubar jini ko huda hanji, amma ba kasafai ba. Wahalar tana wajen wankin hanji. Kwana 2 zuwa 3 kafin ranar a bar wake, zogale, rama da duk abin da ke da ƙwaya kamar kankana. Jajibirin ranar ruwa-ruwa mai haske kawai za a sha, ban da zoɓo, don jansa yana kama da jini a kyamara. Sai a sha maganin wanki, lita 2 zuwa 4 gwargwadon irinsa, rabi da dare rabi da asuba. Alamar ya yi ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai mai ɗan rawaya. In da sauran dunƙule, likita ba zai ga bango ba, kuɗi ya tafi. Mai shan maganin ƙarin jini, maganin tsinka jini ko na ciwon suga ya faɗa wa likita mako guda kafin lokaci.

Hoton ciki na sikanin da ake yi ko'ina a gari ba ya ganin cikin hanji, gwajin jini na `CEA` kuma na bibiyar wanda aka riga aka yi wa magani ne. Kada a sayar maka da su a madadin waɗannan.

Wanda babu ciwon a danginsa kuma ba ya jin komai, Amurka ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. A Najeriya ciwon kan bayyana da ƙananan shekaru, shi ya sa likitocin ciki da dama suka fi karkata ga 40. Irin wannan mutum `FIT` ya ishe shi. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan'uwansa na jini ko ɗansa ya kamu kafin shekara 60, ko mutum biyu cikin waɗannan ko da shekara nawa suka kamu, kolonoskofi zai yi kai tsaye, duk shekara 5. Zai fara yana da 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. A ce magidanci mai shekara 38, an gano ciwon mahaifinsa yana da 46. A cire 10, saura 36, ke nan ya riga ya makara da shekara biyu, kuma ƙa'idar ta hau kan yayyensa da ƙannensa, maza da mata. Gidan da ciwon ke bin zuri'a, ko ake yawan samun dajin mahaifa tare da shi, ana iya fara dubawa tun shekara 20 zuwa 25. Mai daɗaɗɗen kumburin babban hanji kuma yana farawa shekara 8 bayan ciwon ya soma.

Duk wannan lissafin na masu lafiya ne. Wanda ke ganin jini da idonsa, ko bayan gidansa ya sauya tsawon makonni, ko yana rama da ƙarancin jini ba dalili, ya je wurin likita ko shekararsa 30, a duba dubura da yatsa, a tura shi kolonoskofi in da buƙata. Ciwon dubura da yawa a nan yana shafe watanni ana shan maganin basur a kansa kafin wani ya duba.