Ƙara RAM ko faɗaɗa paging file: wanne ke hana manhaja mutuwa?

Kwamfuta mai Windows da RAM 4 GB, wadda aka ƙayyade paging file ɗinta, wato fayil ɗin da ke kan faifai wanda ke tallafa wa RAM, a 1 GB, ba za ta iya yi wa manhajoji alkawarin ma'adana fiye da kusan 5 GB ba. Da zarar an cike wannan iyaka, duk manhajar da ta nemi ƙari za a hana ta, sau da yawa sai ta rufe ba sallama. Ana ganin haka a Task Manager, ƙarƙashin Performance, inda Committed zai nuna kamar 4.8/5.0 GB.

Faɗaɗa paging file ba ya cin ko kwabo. A buɗe `sysdm.cpl`, a shiga Advanced, a danna Settings na Performance, a sake shiga Advanced, a danna Change ƙarƙashin Virtual memory, a zaɓi System managed size ko a sa 8192 MB, sannan a sake kunna kwamfutar. Idan an sa 8192 MB, iyakar ta koma 12 GB, kuma mutuwar manhaja takan tsaya. Sai dai faifai bai kai RAM sauri ba ko kusa, musamman tsohon faifai mai juyawa, saboda haka kwamfutar za ta riƙa jan ƙafa duk lokacin da aka sauya daga wannan manhaja zuwa waccan.

Ƙara RAM zuwa 8 GB kuwa yana magance mutuwar da jan ƙafar a tare, amma sai da kuɗi, kuma a wasu ƙananan kwamfutoci an liƙe RAM ɗin a jikin motherboard, ba ya ciruwa. Windows mai 32-bit ma ba ya amfani da fiye da 4 GB.

A ganina, a fara da paging file. Idan RAM ya ci gaba da cika, faifai kuma yana kan 100%, to lokacin sayen RAM ya yi.