Tara 5/12 da 7/18: wace hanya ta fi?

Ba a tara 5/12 da 7/18 kai tsaye, domin girman yankan ba ɗaya ba ne. Sai an daidaita lambobin ƙasa tukuna, kuma hanya biyu ake bi.

Ta farko, a ninka lambobin ƙasan: 12 sau 18 ya ba da 216. Lambobin sama su koma 5 sau 18, wato 90, da 7 sau 12, wato 84. Jimla 174/216. Wannan hanya ba ta buƙatar bincike, amma aikin yana jira a ƙarshe. Yawanci ɗalibi kan raba da 2, ya samu 87/108, ya tsaya nan don 87 mara ce. Alhali 3 na shiga duka biyun, amsar kuwa 29/36 ce.

Ta biyu, a nemi mafi ƙanƙantar lambar da 12 da 18 ke shiga ba saura. A gwada babbar da ninkinta: 12 ba ta shiga 18 ba saura, amma tana shiga ninkinta, wato 36, sau 3. To, 5/12 ta zama 15/36, 7/18 ta zama 14/36, jimla 29/36. Kuskuren nan shi ne a canza ƙasa a manta da sama.

A ganina ta biyu ta fi idan lambobin ƙasa na da lambar da ke raba su duka. Idan babu, kamar 3 da 5, hanyoyin ɗaya ne. Sai dai ta biyun ma a duba amsarta: 1/6 da 1/10 sun ba da 8/30, wadda ke raguwa zuwa 4/15.